Kwalba biyar na asetik asid da lissafin da ya ba ni kashi 134 cikin ɗari

A zango na biyu na shekarata ta farko a jami'a aka raba mana wata takarda mako guda kafin mu shiga ɗakin gwaji. Aikin da ke cikinta bai yi kama da mai wuya ba. Za a ba mu ruwan asetik asid mai kaurin mol 0.10 a kowace lita, mol kuwa shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari, mu ɗebi mililita 10 mu cika da tataccen ruwa zuwa mililita 100, sannan mu ɗebi mililita 10 daga wannan sabon haɗin mu sake yin haka, har mu samu kwalba biyar, kowace ta fi ta gabanta tsinkewa ninki goma. Kafin ranar gwajin kuma dole kowa ya cike layi biyu a takardar da hannunsa: pH ɗin da yake tsammani a kowace kwalba, wato ma'aunin tsamin ruwan, da kason asid ɗin da ya rabu ya zama ayon, wato ƙwayoyi masu cajin lantarki. Lamba ɗaya tak aka ba mu a saman takardar, wadda ke nuna ƙarfin asid ɗin, Ka = 1.8 × 10⁻⁵, a zafin digiri 25.

Asetik asid ba baƙo ba ne a gidajenmu. Shi ne tsamin da ke cikin ruwan khal da ake wanke latas da kabeji da shi. Wannan ya sa na zauna da takardar da daddare bayan isha'i ina ganin rabin awa ta ishe ni. Sai da ta cinye mini dare biyu, da wata tsayuwa a ƙofar ofishin malaminmu.

Abin da hannuna ya fara rubutawa a kwalba ta farko shi ne pH = 1. Na saba tun sakandare cewa pH shi ne −log na kaurin H⁺, kuma −log na 0.10 ɗaya ne. Kafin in ɗaga biro na ga inda na kauce, domin da haka ne amsar, ba a da dalilin ba mu Ka. Wannan lissafin na asid mai ƙarfi ne irin HCl, wanda da zarar ya shiga ruwa kusan duk ƙwayoyinsa suke sakin H⁺. Asetik asid ba ya yin haka. Mafi yawan ƙwayoyinsa suna zama a haɗe, 'yan kaɗan ne suke rabuwa, kuma waɗanda suka rabu ɗin suna ta sake haɗuwa yayin da wasu suke rabuwa, har a kai matsayin da saurin rabuwa da saurin haɗuwa suka zo ɗaya. Wannan matsayin shi ne daidaito.

Akwai kalmomi biyu da sai da na raba su a kaina kafin komai ya zauna, wato kauri da ƙarfi. Kauri shi ne yawan asid ɗin da aka zuba a lita ɗaya, kamar yadda kunu yake yin kauri ko ya tsinke gwargwadon ruwan da aka sa masa. Ƙarfi kuwa halin asid ɗin ne, yadda yake sakin H⁺ cikin sauƙi ko da ƙyar. Ana iya samun asid mai rauni a ruwa mai kauri, ana iya samun mai ƙarfi a tsinkakken ruwa. Lambar 0.10 kauri take faɗa, Ka kuma ƙarfi take faɗa, kuma pH yana fitowa ne daga haɗuwar su biyun.

Na rubuta rabuwar a taƙaice, HA a madadin asid ɗin da yake a haɗe, A⁻ a madadin asetet, wato abin da ya rage bayan H⁺ ya fita, alamar [ ] kuma tana nufin kaurin abin da ke cikinta:

```
HA ⇌ H⁺ + A⁻
Ka = [H⁺][A⁻] / [HA]
```

Daga nan na yi abin da aka koya mana, na bi kowane ɗaya daga farko zuwa daidaito. Da farko HA yana 0.10, sauran biyun babu su. Idan mol x a kowace lita ya rabu, to H⁺ ya zama x, A⁻ ma ya zama x, domin kowace ƙwaya da ta rabu ɗaya-ɗaya take bayarwa. HA kuma ya ragu zuwa 0.10 − x. Sai lissafin ya koma haka:

```
x² / (0.10 − x) = 1.8 × 10⁻⁵
```

A nan ne gajeriyar hanyar da kowane ɗalibi yake so take shigowa. Tunda Ka ƙarama ce ƙwarai, ana sa ran x ma ƙarami ne idan aka gwada shi da 0.10, don haka sai a ɗauka 0.10 − x kusan 0.10 ne. Kamar wanda yake da buhun gero ne aka ɗebi cikin tafin hannu, in aka tambaye shi zai ce buhunsa ɗaya ne, kuma bai yi ƙarya ba. Da wannan zaton, x² ya zama 1.8 × 10⁻⁵ sau 0.10, sai a ɗauki saiwar murabba'insa, shi ke nan.

Na danna kalkuleta, ta ba ni x = 4.2 × 10⁻³, pH kuma 2.37. Na rubuta na kwanta.

Washegari a aji na leƙa takardar abokin aikina na ga 2.87. Ratar 0.50 daidai, ba kaɗan ba, kuma irin ratar da ba ta zuwa haka kawai. Muka sa kalkuletocinmu gefe da gefe, kowa ya danna nasa a gaban ɗan'uwansa, nan take abin ya fito. Ga abin da nake dannawa, da abin da ya kamata:

```
1.8 × 10 EXP −5   →  1.8 × 10⁻⁴
1.8 EXP −5        →  1.8 × 10⁻⁵
```

Maɓallin EXP, wanda a wasu kalkuletocin aka rubuta ×10ˣ a kansa, shi kaɗai yana ɗauke da ma'anar "sau goma a bisa kaza". Ni kuwa ina rubuta goman da hannuna sannan in danna shi, sai goma ta shiga sau biyu, Ka ta ninku goma ban sani ba. Ninki goma a ƙarƙashin saiwa yana zama ninki 3.16 a x, shi kuma log na 3.16 rabi ne. Tun daga ranar, duk lokacin da amsata ta asid mai rauni ta saɓa da ta wani da 0.5 cif, kalkuleta nake fara tuhuma kafin ilimin sinadarai.

Da Ka ta gaskiya, x ya fito 1.34 × 10⁻³, pH 2.87. Kason rabuwa kuma ba wani sabon aiki ba ne, raba abin da ya rabu ake yi da abin da aka zuba tun farko, wato C, a ninka da ɗari:

```
(x / C) × 100 = (1.34 × 10⁻³ / 0.10) × 100 = 1.3
```

Kashi 1.3 cikin ɗari. Na daɗe ina kallon lambar nan. Ma'anarta ita ce cikin kowace ƙwaya dubu ta asetik asid da ke kwalbar, kimanin 13 ne kawai suka saki H⁺ a kowane lokaci, sauran 987 suna nan a haɗe. Da HCl ne a wannan kaurin, H⁺ ɗin da ke ruwan zai fi wannan yawa kusan sau 75. Wannan ne ainihin abin da ake nufi da rauni, kuma sai a ranar na ga shi a lamba.

Daren na biyu na ci gaba da sauran kwalaben da gajeriyar hanyar nan. Ta biyu, mai kaurin 0.010, ta ba ni pH 3.37 da kashi 4.2. Ta uku, mai 0.0010, ta ba ni x = 1.34 × 10⁻⁴, pH 3.87, kashi 13.4. A nan ya kamata in tsaya, amma lambobin suna tafiya cikin tsari mai daɗin gani, kowane mataki pH ya ƙaru da rabi, kaso ya ninku sau uku da ɗoriya, sai na ɗauki kyawun tsarin a matsayin shaidar cewa ina kan daidai. Ta huɗu ta ba ni kashi 42. Ta biyar, mai kaurin 1.0 × 10⁻⁵, ta ba ni x = 1.34 × 10⁻⁵. Na raba da kaurin, na ninka da ɗari, sai ga 134.

Kashi 134 cikin ɗari ba abu ne da zai yiwu ba. Lissafin yana cewa asid ɗin da ya rabu ya fi wanda aka zuba yawa. Na sake dannawa sau uku ina zargin EXP, amma wannan karon kalkuleta ba ta da laifi.

Da safe na samu malamin da ke ɗaukar mu darasin a ƙofar ofishinsa yana shirin fita. Na gaishe shi na miƙa takardar.

"Malam, don Allah ku duba mini nan. Na bi hanyar da kuka nuna mana, amma ta ƙarshen ta wuce ɗari."

Ya duba layin daga sama har ƙasa, ya ɗora yatsa a kan 0.10 − x da na soke a kwalba ta farko.

"Me ya ba ka damar jefar da wannan x ɗin?"

"Saboda ƙarami ne, Malam."

"Ƙarami idan aka gwada shi da me?"

Na ce da kaurin farko. Ya ce to, kason da nake ta lissafawa a layi na biyu, mene ne shi in ba gwada x da kaurin farko ba? Sai na yi shiru, domin na ga abin. Layin da nake cikewa a matsayin amsa ta biyu, shi ne kuma ma'aunin da ke gaya mini ko amsa ta farko ta halatta. Na yi zato cewa x ba komai ba ne a gaban C, kuma duk lokacin da na lissafa kaso, ina auna gaskiyar wannan zaton ne, amma ban taɓa waiwayawa na karanta abin da ma'aunin yake faɗa ba.

Ya ce in tuna ƙa'idar kashi biyar. Idan kason da gajeriyar hanya ta bayar bai wuce 5 ba, a karɓi amsar. Idan ya wuce, a koma a warware lissafin gaba ɗayansa. "Je ka gyara daga ta uku," in ji shi, ya miƙo mini takardar ya wuce.

Daga baya na gano ana iya sanin hakan tun kafin a taɓa saiwa. A gajeriyar hanya, x/C daidai yake da saiwar Ka/C. Kafin wannan ya tsaya a 0.05 ko ƙasa, sai C ta kai ninki 400 na Ka. A kwalbata ta farko C ta ninka Ka sama da sau 5,500, a ta biyu sau 556, duka sun tsallake. A ta uku sau 56 ne kacal, a ta biyar kuwa C ta ma fi Ka ƙanƙanta. Ga asetik asid iyakar tana wajen mol 0.0072 a lita. Ita kanta kashi biyar ɗin ba dokar halitta ba ce, yarjejeniya ce da aka yi don sauƙin aiki, ganin cewa lambobin Ka da ke cikin littattafai su ma sukan ɗan saɓa wa juna. Littafi ɗaya zai rubuta 1.8, wani 1.75, wani 1.74. A ganina ƙa'idar tana da kyau matuƙar mutum ya san iyaka ce da aka zaɓa, domin kuskuren ba ya farawa kwatsam a kashi 5, yana nan tun daga kashi 1, girma kawai yake yi a hankali.

Cikakkiyar hanyar ita ce a bar x a inda yake, a ninka ɓangarorin biyu da C − x, a tattara komai gefe guda. Abin da ya fito lissafin kuwadiratik ne irin wanda muka yi a sakandare:

```
x² + Ka·x − Ka·C = 0
x = [ −Ka + √(Ka² + 4·Ka·C) ] / 2
```

Na fara da ta biyar, tunda ita ta tone asirin. Ka² ya zama 3.24 × 10⁻¹⁰. 4·Ka·C ya zama 7.2 × 10⁻¹⁰. Jimlarsu 1.044 × 10⁻⁹, saiwarta kuma 3.23 × 10⁻⁵. Na cire Ka, saura 1.43 × 10⁻⁵, na raba biyu, x = 7.16 × 10⁻⁶. Kuwadiratik yana da amsa ta biyu, wadda ake samu idan aka sa alamar ragi a gaban saiwar, amma ita tana fitowa ne ƙasa da sifili, −2.5 × 10⁻⁵, kuma babu kaurin da yake ƙasa da sifili, don haka ba a ɗaukar ta. Kaso ya koma 72, pH kuma 5.15.

Wannan karon ban yarda da lambar ba sai da na mayar da ita inda ta fito. x² ya ba ni 5.13 × 10⁻¹¹. C − x ya ba ni 2.84 × 10⁻⁶. Na raba na farko da na biyu, sai ga 1.8 × 10⁻⁵, Ka ɗin da aka ba mu a saman takarda. Wannan binciken bai kai minti ɗaya ba, kuma da na yi shi a daren farko da ya kama kuskuren EXP, da na yi shi a dare na biyu da ya kama 134, domin C − x zai fito ƙasa da sifili.

Abin lura a lissafin shi ne inda gajeriyar hanya take ɓoye a cikin doguwar. A ƙarƙashin saiwa akwai Ka² da 4·Ka·C. A kwalba ta farko, na biyun 7.2 × 10⁻⁶ ne, na farkon kuwa 3.24 × 10⁻¹⁰, bai kai ya motsa shi ba. Shi ya sa da na sake ta da doguwar hanya na samu x = 1.33 × 10⁻³ maimakon 1.34 × 10⁻³, pH ya tashi daga 2.872 zuwa 2.875, bambancin da na'urarmu ba za ta iya gani ba. A ta biyar kuwa lambobin biyu sun zama tsaran juna, jefar da ɗaya ya zama jefar da kusan sulusin abin da ke ƙarƙashin saiwar.

Ta uku ta fito x = 1.25 × 10⁻⁴, pH 3.90, kashi 12.5, maimakon 3.87 da 13.4. Ta huɗu ta fito pH 4.46 da kashi 34, maimakon kashi 42. Ta biyu ta tsaya a 3.38 da kashi 4.2. Na lura gajeriyar hanya kullum gefe ɗaya take karkata, tana ƙara yawan H⁺ tana rage pH, saboda tana ɗauka cewa asid ɗin da ke a haɗe bai ragu ba ko kaɗan.

Da na jera amsoshin biyar, wata tambaya ta taso mini wadda ta fi ta lissafin damuna. pH yana hawa, 2.88, 3.38, 3.90, 4.46, 5.15, wato ruwan yana rage tsami. Amma kason rabuwa shi ma hawa yake yi, 1.3, 4.2, 12.5, 34, 72. Ta yaya asid zai ƙara rabuwa, ruwan kuma ya rage tsami? Na ɗauki lokaci ina jin kamar abu biyu ne masu karo da juna.

Ba sa karo. pH yana ƙirga H⁺ nawa ne a lita ɗaya. Kaso yana ƙirga nawa ne suka rabu cikin waɗanda aka zuba. Kashi 72 na 0.000010 ya fi kashi 1.3 na 0.10 ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kamar yadda kashi 72 na naira goma bai kama ƙafar kashi ɗaya na naira dubu ɗari ba. Dalilin hawan kason kuma yana cikin siffar Ka kanta. A ce ruwan yana kan daidaito, sai a tsinka shi ninki goma a lokaci guda. [H⁺] ya ragu ninki goma, [A⁻] ya ragu ninki goma, don haka saman lissafin ya ragu ninki ɗari. Ƙasan kuwa [HA] ne shi kaɗai, ya ragu ninki goma kawai. Rabon ya faɗi zuwa ɗaya bisa goma na Ka. Tunda Ka ba ta canzawa da kauri, zafi ne yake canza ta, dole wasu HA su ƙara rabuwa har rabon ya koma inda yake. A zahiri abin da ke faruwa shi ne, rabuwa ƙwaya ɗaya take bukata, haɗuwa kuwa sai ayon biyu sun gamu, kuma a ruwa mai yawa gamuwar tana wuya. Wilhelm Ostwald ne ya fitar da wannan dangantakar a 1888, shekaru 21 kafin Søren Sørensen ya kawo ma'aunin pH a 1909, kuma har yau da sunansa ake kiran dokar.

Wannan ya bayyana mini ratar da ke tsakanin lambobin pH ɗin ma. Asid mai ƙarfi idan aka tsinka shi ninki goma, pH ɗinsa da 1 yake ƙaruwa. Nawa ya ƙaru da 0.50, sannan 0.52, sannan 0.56, sannan 0.69. Da farko asid ɗin yana cike gurbin wani ɓangare na H⁺ da tsinkawa ta rage, daga tarin HA da ke ajiye. Yayin da tarin yake ƙarewa, ratar tana matsawa zuwa 1, asid mai rauni ya fara nuna hali irin na mai ƙarfi. Gajeriyar hanya ba ta san tarin yana ƙarewa ba, shi ya sa ta ci gaba da ba ni rabi-rabi har ta zarce ɗari.

Na ƙara samun wata hanyar duba amsa da ido kawai. −log na 1.8 × 10⁻⁵ shi ne 4.74, wanda ake kira pKa. Idan aka juya lissafin Ka, [A⁻]/[HA] daidai yake da Ka/[H⁺]. Saboda haka a lokacin da pH ya zo daidai da 4.74, rabin asid ɗin ne ya rabu. Ƙasa da nan bai kai rabi ba, sama da nan ya wuce rabi. Kwalba ta huɗu tana 4.46 da kashi 34, ta biyar tana 5.15 da kashi 72, rabin ya faɗa tsakaninsu kamar yadda ya kamata.

Ranar gwajin, dattijon da ke kula da ɗakin, wanda duk muke kira Baba, ya riga ya haɗa ruwan 0.10 a babbar kwalba. Ya tsaya a kanmu sai da muka daidaita na'urar pH da ruwan bafa biyu, wato ruwan da aka san pH ɗinsa kuma ba ya saurin canzawa, na 7.00 da na 4.01, muka ɗauraye bakinta da tataccen ruwa. Ya ce mu fara awo daga mafi tsinkewa mu gangaro zuwa mai kauri, domin ɗigo ɗaya na kwalba ta farko da ya maƙale a bakin na'urar ya isa ya ɓata ta biyar. Na lissafa abin daga baya na ga gaskiyarsa. Ɗigo ɗaya, kimanin mililita 0.05 na ruwan 0.10, yana ɗauke da mol 5 × 10⁻⁶ na asid, alhali duk abin da ke cikin mililita 100 na kwalba ta biyar mol 1 × 10⁻⁶ ne.

Ta biyar ɗin ta ƙi tsayawa. Lambar tana ta yawo tsakanin 5.0 da 5.4, mun fi minti uku muna kallonta.

"Baba, anya na'urar nan lafiya take?" in ji abokin aikina.

"Lafiyarta ƙalau, ɗana. Ruwan ne babu komai a cikinsa. Ku rubuta abin da kuka gani, kada ku rubuta abin da kuke so ku gani."

Ya yi mana bayani cewa na'urar tana bukatar ayon a ruwa kafin ta ba da karatu tsayayye, kuma a wannan tsinkewar ayon ɗin sun yi ƙaranci. Sannan tataccen ruwan da ya zauna a buɗe yana shan iskar kabon dayoksaid, wadda ita ma asid mai rauni take zama a ruwa, har pH ɗinsa ya sauka wajen 5.6 ba tare da an zuba masa komai ba. A kwalba ta farko wannan ba ya tasiri, amma a ta biyar H⁺ ɗin da ke zuwa daga iska ya fara kusantar wanda asid ɗinmu yake bayarwa. Lissafina ya ɗauka asetik asid ne kaɗai mai ba da H⁺. Ko da babu iskar, wannan zaton ma yana da iyaka, domin ruwa da kansa yana rabuwa ya ba da H⁺ na 1.0 × 10⁻⁷ a digiri 25. Da mun ci gaba da tsinkawa zuwa kwalba ta bakwai ko ta takwas, kuwadiratik ɗin ma zai fara ba da amsar da ba ta dace ba, har ya nuna pH sama da 7 ga ruwan da asid aka zuba masa, alhali gaskiyar ita ce pH yana matsowa kusa da 7 ne daga ƙasa, ba ya tsallake shi.

Sauran huɗun sun zauna lafiya. Ta huɗu ta nuna 4.51, ta uku 3.93, ta biyu 3.40, ta farko 2.91. Ta uku ce na fi zuba wa ido, domin a nan ne hanyoyin biyu suka fara rabuwa, 3.87 da 3.90. Karatun ya fi kusa da 3.90, amma ban rubuta cewa gwajin ya tabbatar da doguwar hanya ba, saboda duk karatunmu ya ɗara lissafi da 0.02 zuwa 0.05, kuma ratar da nake son rarrabewa 0.03 ce. Ta huɗu ce ta raba gardama sosai, inda gajeriyar hanya ta ce 4.37, doguwa ta ce 4.46, na'ura ta ce 4.51.

Tambayar ƙarshe a takardar ta ce mu juya lissafin, mu fitar da Ka daga karatun kwalba ta farko. 10 a bisa −2.91 ya ba ni [H⁺] = 1.23 × 10⁻³, wato kashi 1.2 ya rabu. Na ninka [H⁺] ɗin da kansa, na raba da 0.10 − 0.00123, na samu Ka = 1.5 × 10⁻⁵. Ratar da ba ta kai 0.04 ba a pH ta zama kusan kashi 8 a [H⁺], ta kuma zama kusan kashi 15 a Ka, saboda x sau biyu yake shiga. A ƙarƙashin amsar na rubuta 1.5 × 10⁻⁵ kamar yadda ta fito, na ƙara layi biyu a kan inda nake ganin ratar ta samo asali, ko daga daidaita na'urar, ko kuma ruwan farko bai cika 0.10 cif ba. A gurbin kwalba ta biyar kuma na rubuta 5.0 zuwa 5.4, na sa 5.15 na lissafi a gefensa.